Garwar da ta kumbura: nazarin rage gishiri a farin cukun Duwaim

Garin Duwaim yana gaɓar yamma ta kogin Farin Nil, kimanin kilomita 200 kudu da Khartum, kuma a Sudan in an ce farin cuku, wanda suke kira jibna baida, sunan garin ne ke fara zuwa baki. Shi ne cukun da ake marmasawa a kan dafaffen wake da safe, kuma Hausawan Mai Wurno da na sauran garuruwan Sudan sun san shi kamar yadda kowa ya san shi a can. Abin da ya bambanta shi da yawancin cukun duniya shi ne lokacin da ake sa masa gishiri. A Turai sai an daskarar da madara, an tsane ta, sannan gishiri ya shigo. A Duwaim kuwa, kamar a Dumyat ta Masar, cikin ɗanyar madarar ake zuba gishirin tun kafin a yi mata komai.

Lamarin da za a bi a nan na wani ƙaramin mai sana'a ne da ke sayen madara a hannun makiyaya da damina, kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023. Ya taɓa abu ɗaya tak a cikin aikinsa, wato awon gishiri, sai abubuwa uku suka sauya masa tare: yadda cukun ke tsanewa, ɗanɗanonsa, da kwanakin da yake yi kafin ya lalace.

Yadda yake yi tun asali

Madara tana isowa da hantsi, a kan jaki ko a bayan mota, ta riga ta sha rana. Ba ya dafa ta. Yana tace ta da ƙyalle cikin duro, ya auna, ya zuba gishirin Bahar Maliya kilo 10 a kowane kilo 100 na madara, ya motsa har ya narke. Sannan ya narkar da ƙwayar manfaha, wato sinadarin nan na cikin ɗan maraƙi da ke daskarar da madara, ya zuba, ya rufe duron. Madarar da ba gishiri, in tana da ɗumi, cikin minti 40 ko ƙasa da awa guda take daskarewa. Tasa sai ta ɗauki awa huɗu, wani lokaci fiye. In ta kama, sai a kwashe ta da ludayi zuwa akwatunan katako da aka shimfiɗa wa ƙyalle, a naɗe, a ɗora katako da dutse, a bar ta ta kwana tana tsiyaya. Da safe a yanka murabba'i-murabba'i, a jera cikin garwa, a cika da ruwan da ya tsiyayo daga cukun, a like murfin da dalma.

Jinkirin daskarewar nan aikin gishiri ne. Furotin ɗin madara, wanda ake kira kasin, yana nan cikin ƙananan dunƙule da kalsiyam ke riƙe da su. In manfaha ta yi aikinta, dunƙulen sai su manne da juna su zama raga, ragar kuma ta yi ta tsukewa tana fitar da ruwa. Gishiri mai yawa yana rage ƙarfin manfahar, kuma sodiyam ɗin da ke cikinsa yana ture wani ɓangare na kalsiyam daga jikin furotin. Ragar da ta fito sai ta zama mai rauni, mai son ruwa, ba ta tsukewa sosai. Ga mai sana'a wannan ba asara ba ce, don ruwan da cuku ya riƙe nauyi ne a sikeli. Kilo 100 na madarar shanu yakan ba shi kilo 22 zuwa 24 na sabon cuku.

Akwai lissafi ɗaya da ba ya yi, kuma shi ne mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Gishiri ba ya narkewa a cikin mai ko furotin, a cikin ruwa kawai yake zama. Ƙwayoyin bakteriya ma a cikin ruwan suke rayuwa. Don haka abin da ya shafe su shi ne ƙarfin gishirin da ke cikin ruwan cukun, ba yawansa a nauyin cukun gaba ɗaya ba. Kilo 100 na madara yana ɗauke da ruwa kimanin kilo 87. In aka zuba gishiri kilo 10, an sami ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Wannan ƙarfin ne ke cikin kowane yanki na cukun, daga fata har tsakiya, tun daga sa'ar farko. A cikin gishiri kilo 10 ɗin nan, abin da ke zama a jikin cukun bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Sauran duk yana bin ruwan da ya tsiyaye, shi ya sa ba a iya ba wa maruƙa shi, sai a cika garwa da kaɗan a zubar da sauran.

Ragin farko

Wani mai shago a Khartum da ke ɗaukar mafi yawan kayansa ya yi ta ƙorafin cewa masu saye suna kukan gishiri, suna komawa ga cukun kamfani na cikin leda mai sauƙin ɗanɗano. Ƙorafin yana da tushe. Cukun da ruwansa ke da ƙarfin kashi 10, in aka auna shi da nauyinsa, gishirinsa ya haura kashi 6 cikin 100, wato kusan ninki biyu na feta, farin cukun Girka. Sai mai sana'ar ya raba awonsa biyu, ya koma kilo 5. A tsakiyar damina ya yi haka, lokacin da madara ta fi yawa, shanu ke kwana cikin taɓo, hantsarsu ke da datti, zafi da laima kuma suka haɗu.

A ranar farko abin ya yi masa daɗi. Madarar ta kama cikin awa biyu, ta yi ƙarfi, ta tsane da wuri. Amma da ya ɗora a sikeli sai ya ga nauyin ya ragu, don ragar ta fi tsukewa, ta saki ruwan da da take riƙewa. Ya ce ba komai, farashi zai rufe.

Kafin kwana uku garewanin suka fara tasowa ta sama da ta ƙasa, wasu har ba sa zama daidai a kan daɓe. Da aka huda ɗaya sai iska ta fito da huci, da wani wari kamar na garke. Da aka yanka cukun sai aka ga cikinsa cike da ƙananan ramuka, bakin allura zuwa ƙwayar gero, a ko'ina. In aka jefa yanki cikin ruwan garwar, sai ya taso maimakon ya nitse.

Waɗannan alamu uku, wato saurin faruwar abin, ƙanƙantar ramukan da kuma warin, suna nuna ƙwayoyin kolifom, masu shiga madara daga kashin shanu, hannun mai tatsa, ƙwarya da ruwan wanki. Suna cin sukarin madara su fitar da iska iri biyu, kabon dayokzaid da haidirojin. Haidirojin ba ya narkewa a ruwa sosai, shi ya sa yake huda cukun a wuri dubu maimakon ya yi manyan idanu kaɗan. Da yis ne ya yi ɓarnar, da kumburin ya ɗan jinkirta, warin kuma ya yi kama da na ƙullun da ya wuce lokacinsa.

Waɗannan ƙwayoyin suna cikin madararsa tun da can. Abu biyu ne ke iya tare su: gishiri mai ƙarfi ko tsami mai sauri. A ɗanyar madara cikin zafi, sai ƙarfin gishiri ya kai wajen kashi 9 zuwa 10 kafin a natsu cewa ba za su yi iska ba. Tsami kuwa, in ma'auninsa da ake kira pH, wanda ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauka ƙasa da 5, sun tsaya. Matsalar kilo 5 ita ce ya faɗo a tsakiya. Ƙarfinsa a ruwan madara kashi 5 ne da ɗan wani abu, wanda ya isa ya rage wa ƙwayoyin da ke tsamama nono gudu, don mafi saurinsu a wannan ƙarfin suke fara gajiya, amma bai isa ya tsayar da kolifom ba. A ganina wannan awon ya fi kowane awo haɗari ga ɗanyar madara da damina, kuma shi ne wanda hankali ke fara kai mutum gare shi in an ce ya rage.

Garewanin da ba su fashe ba, da aka buɗe su bayan wata guda da rabi, sun zo da wani aibun: ɗaci a ƙarshen harshe. Manfaha ba ta gama aiki ranar da madara ta daskare. Ragowarta tana nan cikin cukun tana ci gaba da yanka furotin, kuma daga wani nau'in kasin ɗin, wanda ake kira beta, take yanko gutsattsarin da ke da ɗaci. Gishiri yana hana ta isa ga wannan furotin, kuma yana rufe ɗan ɗacin da ya samu a baki. Da aka rage shi, kuma garwar na zaune cikin zafi, sai duka biyun suka tafi. Mai shagon ya nemi cuku mai sauƙin gishiri, ya sami mai ɗaci, abin da bai taɓa ji a tsohon kayan ba.

Gyaran da ya ƙara ɓata abin

Mai sana'ar ya gane cewa gishiri ne ya gaza, amma bai so ya koma kilo 10. Sai ya yi dabara: ya bar kilo 5 a madara, amma maimakon ya cika garwa da ruwan cukun, ya haɗa sabon ruwan gishiri da ruwan rijiya, yana ƙara gishiri har sabon ƙwai ya taso. Ƙwai yana tasowa ne a wajen kashi 10, don haka a tunaninsa ya maido da tsohon ƙarfin, a wajen cukun kawai.

Ramukan ba su daina ba. Gishirin da ke waje sai ya ratsa a hankali kafin ya kai tsakiya, kuma a yanki mai kaurin tafin hannu wannan tafiya ce ta kwanaki, tana iya kai mako biyu kafin ciki da waje su daidaita. Kolifom kuwa sun gama aikinsu a daren da cukun ya kwana a akwati da yinin da ya biyo. Gishirin ya iso bayan an tashi daga kasuwa.

Kuma ƙarfin kashi 10 ɗin bai zauna a 10 ba. A ɗauka garwar tana cin cuku kilo 12 da ruwa kilo 4. Cukun yana ɗauke da ruwa kusan kilo 7, da gishiri giram 400 a cikinsa. Ruwan da ya haɗa yana da gishiri giram 400, da ruwa zalla kilo 3.6. In suka gauraya, gishiri giram 800 ne a cikin ruwa kilo 10 da rabi, wato kashi 7 kawai. Cukun ya fi ruwan garwar yawa, don haka shi ke jan ruwan zuwa ga ƙarfinsa. Da yana son su tsaya a kashi 9, da sai ya haɗa ruwan da ƙarfin kashi 16. Duk mai ajiye cuku a ruwan gishiri ya kamata ya iya wannan lissafin, domin ƙarfin da aka zuba ba shi ne ƙarfin da za a tarar bayan mako biyu ba.

Sabon aibun da ya bayyana shi ne yauƙi. Bayan kwana goma fatar cukun ta yi laushi, tana santsi a hannu, gefunan sun zagwanye, ruwan garwar ya yi fari kamar an dama gari. Da yawa in suka ga haka sai su ce ruɓa ce. Wani lokaci hakan ne, amma a nan ba ƙwayoyin cuta ba ne suka fara. Ruwan rijiyar ba shi da kalsiyam irin na madara, kuma ba shi da tsami. Kamar yadda gishiri ke shiga cukun don ya daidaita, haka kalsiyam ke fita daga fatarsa zuwa cikin ruwan, tsamin fatar ma ya fita. Furotin da ya rasa kalsiyam, ga gishiri matsakaici, sai ya sha ruwa ya kumbura har ya fara narkewa. Tsohon ruwan cukun da ya zubar yana ɗauke da kalsiyam da tsami daidai da na cukun, shi ya sa bai taɓa cire masa komai ba. Masu yin cuku a Holand suna riƙe tafkin ruwan gishiri ɗaya na shekaru, suna tacewa suna ƙara gishiri, saboda wannan dalilin, in kuma dole ta sa a haɗa sabo, sai an zuba masa sinadarin kalsiyam, wato CaCl2, an kuma tsamama shi zuwa pH ɗin cukun.

Da ya wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, ya haɗa ruwan har gishiri ya ƙi narkewa, wato kusan giram 360 a lita guda, da wata matsalar zai gani. Irin wannan ruwa yana zuƙe fatar cuku cikin sa'o'i, ta yi tauri ta tsuke, ta hana ruwan ciki fita, ta kuma rage wa gishirin kansa hanyar shiga. Sai a sami cuku mai fata kamar ƙirgi, cikinsa kuwa jiƙe ba gishiri. Abin lura shi ne gishirin da ya sa cuku riƙe ruwa lokacin da aka zuba shi a madara, shi ne ke zuƙe masa ruwa in aka kawo shi daga waje.

Inda ya tsaya

A ƙarshe ya raba aikinsa gida biyu. Kayan da za su yi tafiya mai nisa ko su zauna watanni a shago ba firji, ya mayar da su tsohon awo, kilo 10 da damina, ya ɗan sassauta zuwa 7 ko 8 da sanyin hunturu. Masu saye kuma aka tuna musu abin da iyayensu ke yi, a jiƙa yankin da za a ci cikin ruwa ko madara na ɗan lokaci kafin a kawo shi faranti.

Kayan mai shagon kuwa ya sauya musu tsari gaba ɗaya, ya ɗauke wa gishiri aikin tsare daren farko ya ba wa wuta da tsami. Yana ɗumama madarar zuwa digiri 63 ya riƙe ta a nan minti 30, wanda ke kashe kolifom. Ya bar ta ta huce zuwa digiri 35, ya zuba yogot mai kyau kilo ɗaya zuwa biyu a kilo 100 a matsayin iri, da giram 20 na CaCl2 don madarar da ta sha wuta ta kama da kyau, sannan manfaha. Ba gishiri ko kaɗan. Cikin awa guda ta kama, ya yayyanka ta ƙanana kamar sukari mai iyali, ya kwashe zuwa akwati. Da yake ba abin da ke hana ƙwayoyin tsami gudu, kafin gari ya waye pH ya sauka ƙasa da 5, kuma tsamin da kansa yana tsuke ragar ya tsane ta. Sai da safe gishiri ke shigowa, mai manyan ƙwayoyi, a barbaɗa a fuskokin yankan, a juya, a sake barbaɗawa. Mai manyan ƙwayoyi ake so don yana narkewa a hankali cikin ruwan da yake jawowa, garin gishiri kuwa yana narkewa lokaci guda ya ƙona fatar. Bayan yini biyu a jera a garwa, a cika da ruwan cukun da aka tafasa, aka tace, aka sa masa gishiri kashi 12. Bisa lissafin nan na baya, garwar takan daidaita a wajen kashi 7, gishirin cukun kuma ya tsaya a kashi 4 cikin 100 na nauyinsa. Haka tsarin fetar Girka yake a dunƙule, sai dai ita da madarar tumaki ake yi, a kan haɗa da ta awaki, kuma bayan makonnin farko ana kai ta ɗakin sanyi ta cika aƙalla wata biyu kafin a sayar.

Kashi 7 ɗin da ya gaza a gwaji na biyu ya wadatar a nan, saboda madarar an kashe mata ƙwayoyi, cukun kuma ya riga ya yi tsami kafin ya shiga garwa. Ramuka sun ɓace, fatar ta tsaya, ɗanɗanon ya fito da ɗan tsami mai daɗi wanda gishiri ke dannewa a da.

Amma ya biya. Nauyin ya sauka ƙasa da kilo 20, ga kuɗin gawayi, ga ma'aunin zafi da sai da ya koyi aiki da shi. Ruwan cukun da aka tafasa yana da ragowar sukari, kuma yis, wanda wasu nau'insa ke rayuwa lafiya a ruwan gishirin da ya fi wannan ƙarfi nesa, yana shiga daga iska da katako, don haka in garwar ta daɗe a ɗaki mai zafi tana iya kumbura a hankali. Dole kayan su isa firjin shagon cikin kwanaki. Abin da ya rage masa zafi shi ne ruwan cukun da ya saura yanzu ba shi da gishiri, makiyaya suna karɓa don maruƙa.

Akwai kuma abin da ko tsohon awon bai taɓa magancewa ba, ko da yake garwar ba ta nuna shi. Ƙwayar istafilokokus, mai zuwa daga hantsa mai ciwo ko ƙurjin hannun mai aiki, tana iya yaɗuwa a gishiri kashi 10, kuma dafin da take bari ba ya mutuwa da tafasa. Listeriya tana daɗewa da rai ko a ruwan gishirin da ya ƙoshi. Ƙwayar bakkale, mai sa shanu ɓari ta sa mutum zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, tana yin makonni a sabon cukun ɗanyar madara. Babu ɗayansu da ke kumbura garwa ko canza wari. Masu wara a ƙasarmu, da ke daskarar da madara da ruwan tumfafiya a kan wuta, sun tsira daga yawancin wannan saboda dahuwar, amma cukunsu ba shi da tsami kuma gishirinsa kaɗan ne, shi ya sa ba ya wuce kwana biyu ko uku sai an sake tafasa shi ko an soya. Cukun Duwaim na kilo 10 yana yin watanni ba firji, amma mai juna biyu da ƙaramin yaro gara su ci wanda aka yi da dafaffiyar madara.